Ku daina awo da mudun da ba ku daidaita ba

'Yan'uwana matasa masu rubuta manhaja, abin da na gani makon jiya ya ɓata mini rai. Wani ƙanena ya haɗa wa wata makaranta manhajar fitar da sakamako. Dalibai biyu suka ci 44.5, ɗaya ya sami D, ɗaya E. Na tambaye shi ƙa'idar da ya bi, ya ce wai an ce masa wanda ya kusa kaiwa a ɗaga masa. Haba ƙanena! Kusa nawa? Rabin maki ko maki biyu? Bai tambaya ba, ya hau rubutu kawai.

Wannan hawa rubutu kafin a tsayar da magana shi ne ciwona. Takardar da aka ba shi ta ce 45 zuwa 49 D ne, 40 zuwa 44 kuma E. To 44.5 ɗan gidan wa ne? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sakamakon ɗalibi na farko ya bi ta Excel, inda `ROUND(44.5,0)` ke ba da 45. Na biyun ya bi ta Python, inda `round(44.5)` ke ba da 44, domin idan lamba ta tsaya daidai tsakiya, Python na kai ta ga wadda ke rabuwa biyu. Kowace na'ura ta yi abin da aka gina ta a kai. Mutum ne bai yanke hukunci ba.

Da ya zauna da malaman minti goma, da sun ce masa a ɗaga ko kada a ɗaga. In sun ce kada a ɗaga, iyaka ɗaya tal za a rubuta wa kowane mataki, daga sama zuwa ƙasa. Bayan an gama da matakan da ke sama da D, ga na D da E:

```
if maki >= 45: sakamako = "D"
elif maki >= 40: sakamako = "E"
```

Sannan a gwada da 44.4, da 44.5, da 45, da gurbin wanda bai zauna jarrabawa ba, don kada rashin zuwa ya koma sifiri.

Amma ina! Gaggawa ta hana. An ce "amsa mai kyau", kun gyaɗa kai. An ce "ya yi ƙoƙari", kun gyaɗa kai. Na'ura ta san ƙoƙari ne? Ga kuma kwaso rubutun wasu daga intanet ba ku karanta ba, ga jin kunyar tambaya don kada a ce ba ku iya ba. Tun ran gini ran zane, ku kuwa sai an kafe sakamako kuke neman gyara.

Malamanmu na da, da jan biro kawai, sai sun zauna sun rubuta abin da kowane maki ke nufi kafin su taɓa takarda ɗaya. In biyu suka duba takarda guda suka saɓa, sai a koma kan ƙa'idar. Yau ga kwamfuta a gabanmu, ga yarinya tana kuka da E ɗin da ba wanda ya iya yi mata bayaninsa.