Shafi uku, jimla ɗaya, buhun wake 18 sun tafi

Jika 15 muka biya aka rubuta mana takardar da ta ci mana buhun wake 18, kuma har yau wanda ya rubuta ta yana zaune a bironsa ƙarƙashin fanka yana cewa aikinsa ba shi da aibi. Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar manoma da 'yan sarin wake a nan Maraɗi. Da kaka ta shigo, kwamitin gudanarwarmu ya zauna, mutum 7 cikin 9, muka yanke mu ci bashin sefa miliyan 4 mu sayi wake tun yana arha, mu ɗure shi a buhu mai ninki uku har zuwa bazara. Zaman bai kai awa biyu ba, kowa ya tashi ya san abin da aka ce. Da takardar shawarar da za mu kai banki ta dawo daga wurin marubucin, ko mu da muka yi zaman ba mu gane shi a cikinta ba.

Shafi uku cur, da Faransanci, kuma daga sama har ƙasa jimla ɗaya ce. Ta fara da "bisa la'akari da", ta sake "bisa la'akari da", har sau goma sha ɗaya na ƙirga. An yi la'akari da damina, an yi la'akari da ƙoƙarin shugaba, an yi la'akari da dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwa ta Ohada, hukumar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka amince da ita a Lome a 2010, ba tare da an ce ga sashen da ya shafe mu ba. Sai can gindin shafi na uku maganar ta fito, ga ta kamar yadda sakatarenmu ya mayar mana da ita Hausa: "an amince a ba masu alhakin abin izinin ɗaukar duk matakan da suka kamata don neman kimanin miliyan 4 cikin lokacin da ya dace, tare da ba da jinginar da ake bukata, bisa sa hannun shugaba da/ko ma'aji."

Muka buga hatimi, muka sa hannu. Wannan laifinmu ne, ba zan ɓoye ba. Mun ga yawan shafi mun ɗauka ƙarfi ne.

Na kai ta banki da rana tsaka. Matar da ke karɓar takardun bashi ta karanta sau biyu, ta ɗora alƙalami a kan layin ƙarshe, ta ce, "Alhaji, wa ya amince? Su wane ne masu alhakin? Kimanin miliyan 4 ɗin nan, idan kuka zo kuka ce 4 da rabi, in ba ku ko in hana? Kuma 'da' ne ko 'ko' ne? In kai kaɗai ka zo ka sa hannu ka kwashe kuɗin, gobe shugaba ya ce bai sani ba, wa zan kama?" Na buɗe baki na rasa abin cewa. Tambaya biyar ta yi, shafi uku bai amsa ko ɗaya ba. Na koma wurin marubucin, ya ce ma'aikatan banki ne ba su iya karatu ba, ya ƙara sakin layi biyu, na sake komawa, aka sake maido ni. Kwana 11 ina wannan zirga-zirga a bayan kabu-kabu.

Daren na goma sha ɗaya na ce ya isa. Na kira sakatare, muka shimfiɗa tabarma, muka ɗauko littafin zama da kundin dokokin ƙungiyarmu, wanda rabona da buɗe shi tun ranar da aka zaɓe ni. Muka soke duk "bisa la'akari" ɗin nan, muka bar layi biyu a sama: ranar zama, waɗanda suka halarta, da cewa 7 sun wuce 5 ɗin da dokarmu ta ce sai da su zama ke inganta. Sannan muka tsinke jimlar, muka ga ashe shawara uku ce aka cusa a buhu ɗaya. Kowace muka ba ta lambarta, muka tilasta mata ta faɗi wanda ya yanke, sashen da ya ba shi iko, iyakar abin, da wanda zai aikata.

Ta farko ta zama haka: "Kwamitin gudanarwa, bisa ikon da sashe na 21 na dokokin ƙungiya ya ba shi, ya amince a ci bashin da bai wuce sefa 4,000,000 ba, na wata 8, don sayen wake kawai. Mutum 6 sun yarda, 1 ya ƙi." Ta biyu: "Bisa sashe na 23, shugaba da ma'aji za su sa hannu tare a kan takardar bashin. Hannu ɗaya bai isa ba. Idan shugaba ba ya gari, mataimakinsa ya maye gurbinsa. Wannan izini ya ƙare bayan kwana 30." Shi ke nan. Yaron da ke ajin ƙarshe na firamare zai karanta ya gane.

Ta uku ce ta tsayar mana da numfashi. Muka rubuta "Kwamitin gudanarwa, bisa sashe na", sai alƙalami ya tsaya. Sakatare ya bi kundin da yatsa, ya juya, ya sake juyawa, ya ɗago ya ce, "Ma'aji, babu fa." Sashe na 21 ya ba kwamiti ikon cin bashi har miliyan 5, gaskiya ne. Amma jinginar da bankin ke so sito ne, wancan ɗakin ajiya namu, kuma sashe na 14 ya ce jinginar da gini ko fili na babban taron mambobi ne kaɗai. Wato mu bakwai mun ba da abin da ba namu ba ne, kalmar "an amince" ta rufe mana ido, don ba ta taɓa cewa wa ya amince ba. Da marubucin nan ya yi ƙoƙarin sa lambar sashe a gaban kowace shawara, da a ranar farko shi ma alƙalaminsa zai tsaya a wurin nan, ya aiko a gaya mana.

Abin da ya fi ci mini rai, babban taronmu na shekara ya zauna kwana 6 bayan zaman kwamitin. Mambobi sun zo daga Jiratawa, daga Tibiri, daga wajen Madarumfa, an ci an sha an watse, ba wanda ya kawo maganar sito, saboda takarda ta nuna kamar an gama komai. Dole muka mayar da shawara ta uku roƙo: "Kwamiti yana neman babban taro ya amince da jinginar da sito, bisa sashe na 14." Muka kira taron gaggawa, dokarmu kuma ta ce sanarwa kwana 15. Muka biya kuɗin mota karo na biyu, muka sha harara daga dattawan da suka baro girbi.

Ranar da kwamiti ya zauna, ana ba mu buhu a jika 25, kuɗin zai ɗauki buhu 160. Ranar da kuɗin suka fito, buhu ya kai jika 28, muka tashi da 142 da ɗan canji. Matar bankin kuwa minti biyar ba ta yi da sabuwar takardar ba, rabin shafi, ta buga hatimi.

Na koma biron mutumin da takardun biyu, na ajiye masa su gefe da gefe, na ce, "Malam, dubi wannan ka dubi wannan, ka maido mana jika 15 ɗinmu." Ya ɗaga tamu da yatsa biyu, ya karkata baki, ya ce wannan ai wasiƙar ƙauye ce, takardar hukuma sai da nauyi. Na tambaye shi wane sashe ne ya ba kwamiti ikon jinginar da sito. Ya ce ai ba a kawo masa kundin ba. Alhali kwafin kundin yana nan kan teburinsa tun ranar farko, kofin shayinsa a kai, har ya bar zobe a bangon.