Kafin ka ɗauki firji a biyan mako-mako

Ɗan'uwa, idan mai sayar da firji ya ce maka ka riƙa kawo ɗan abu kaɗan duk mako, kada ka sa hannu sai ka ɗauki biro ka yi lissafi a gabansa. Kuɗin mako ƙanƙane ne, shi ya sa ake fara gaya maka shi. Kai jimilla za ka nema.

Mu ɗauka firjin dubu 300 ne kuɗi hannu. A tsarin biya a hankali aka ce ka ba da kafin alƙalami dubu 60, sannan 7,500 duk mako har mako 52. Kuɗin makonnin nan kaɗai dubu 390 ne. Ka haɗa da kafin alƙalami, ya zama dubu 450. Ƙarin dubu 150 ke nan, rabin kuɗin wani firjin.

Abin ma ya fi haka nauyi. Ai ba dubu 300 aka ba ka bashi ba, tunda ka biya dubu 60 tun ranar farko. Bashin dubu 240 ne, kuma da 7,500 duk mako, a mako na 32 ka gama biyansa. Sauran mako 20 ɗin, wata huɗu da rabi cur, ƙarin kawai kake zubawa. Wato da ka riƙe dubu 60 ɗinka kana tara 7,500 ɗin da kanka, a mako na 32 za ka shiga shago ka saya da kuɗinka, har ka nemi ragi.

Sai abin da ya fi damuna. A irin wannan ciniki firjin ba naka ba ne sai ka cika biyan ƙarshe, kafin nan haya kake yi. Ba ka da ikon sayar da shi in ka shiga matsi. Rashin lafiya ta kwantar da kai mako uku, tara ta hau, kuma yarjejeniya da yawa na ba su damar zuwa su ɗauke shi. Ka kwatanta a mako na 40 a zo a cire shi daga soket, a sauke kayan ciki a ƙasa, bayan ka biya dubu 360.

Ban ce kowa ya guje shi ba. Mai sayar da ƙanƙara ko abin sha mai sanyi, in ribar da firjin zai kawo duk mako ta haura 7,500 bayan kuɗin wuta, jira asara ne gare shi. Farashi ma yana iya tashi kana cikin tari.

In dole sai ka ɗauka, ka sa a rubuta maka jimillar abin da za ka biya, da tarar makara, da wanda zai gyara in ya lalace. Ka kuma tambaya, in ka biya saura gaba ɗaya a mako na 20, nawa za a rage maka. Wanda ya ƙi rubuta maka waɗannan, ka bar masa firjinsa.