An cinye mana kuɗin adashi, kuma a caji ofis ni aka yi wa dariya

Ranar Talatar da ta wuce na tsaya a gaban kanta a wani caji ofis a nan Kano, riƙe da littafin adashinmu, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni aka cuta, kuma ni aka mayar abar dariya.

Mu goma ne, duk ƙawaye, wasu tun muna 'yanmata. Zubin dubu 50 duk wata, kwasa dubu 500, ni ce uwar adashi. Ɗaya daga cikinmu ta zo da kuka wai kuɗin haya ya taso, muka ba ta kwasa ta biyu. Ta yi zubi na uku, daga nan ɗif. Saura zubi bakwai a kanta, dubu 350. Na cike gurbinta wata uku daga kuɗin ɗinkina don kada zumunci ya lalace, dubu 150 ke nan, har na gaza. Mutum huɗun ƙarshe kowacce ta kwashi dubu 450. Da na tare ta a gidan biki, ta dube ni ta ce, "Wace takarda na sa wa hannu? Ki kai ni inda za ki kai ni."

Shi ya sa na je caji ofis. Na yi sallama, na ce, "Yallaɓai, ƙara na kawo." Bai ɗago kai daga wayarsa ba. Na sake maimaitawa. Ya ce, "Me aka sace?" Na fara bayani, ina ambatar adashi ya tuntsire da dariya, ya juya wajen abokin aikinsa ya ce, "Ka ji, 'yan adashi ne kuma." Na buɗe littafin na tura masa, ya sa yatsa ɗaya ya turo mini abina. Ya ce, "Hajiya, wa ya aike ku? Adashi ai doka ba ta san shi ba. Kun ƙi banki, kun tara kuɗi a ɗaki, yanzu kun zo ku dame mu." Na ce, "To Yallaɓai, ina zan je?" Ya ce, "Ki je gida ki yi haƙuri." Har na kai ƙofa ya kira ni, ya rage murya: in na kawo kuɗin mai, za a je a ɗauko ta ta kwana biyu a ciki, kuɗi zai fito.

Minti biyu da suka wuce doka ba ta san adashi ba, amma da kuɗin mai za ta san shi? Mace ta zo da zafin dubu 150 na guminta, abin da za ka iya yi mata shi ne dariya da neman ƙarin wasu kuɗin?

Da dare na kira ƙanin mijina, lauya ne, ina magana muryata na rawa. Abin da ya gaya mini ya ƙara ƙona mini rai, domin duka maganganun mutumin nan biyu ba daidai ba ne. Adashi ba laifi ba ne, kuma doka ta san shi sarai: yarjejeniya ce tsakanin mutane, yarjejeniyar baka kuma tana da ƙarfi a kotu matuƙar an iya tabbatar da ita. Wadda ta kwasa ta daina zubi, bashi ne a wuyanta. Kamun da ya yi mini tayi kuwa shi ne haramtaccen, don sashe na 32 na Dokar 'Yansanda ta 2020 ya hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Da na biya an kulle ta, tana iya maka ni a babbar kotu kan tauye mata haƙƙi, in koma ni ke biyan diyya. Inda 'yansanda ke da hurumi shi ne in uwar adashi ta tattara kuɗin mutane ta cinye ko ta gudu, wannan cin amana ne, laifi ne.

Abin da ƙungiyarmu ta rasa ɗaya ne: ba ta da rajista, don haka ba za ta iya kai ƙara da sunanta ba. Waɗanda aka riƙe wa kuɗi su ne za su shigar da sunayensu. Mu biyar ke nan, ni da dubu 150, su huɗu kowacce da dubu 50. Waɗanda suka kwashi nasu cif, shaidu ne.

Ya ce a fara da rubuta mata takardar neman biya, a faɗi adadin kuɗi da wa'adin kwana 14, a ajiye kwafi da shaidar cewa ta isa hannunta. In ta yi biris, sai kotun ƙananan basussuka, wadda ke ƙarƙashin majistare. Legas ta fara ta a 2018, Kano ta bi a 2019. Fom ake cikewa, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama shari'a cikin kwana 60. Ko kuma kotun shari'ar Musulunci, inda hujja ke kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Ita da ke taƙamar ba ta sa hannu ba, ta manta dubu 500 ɗin ta banki na tura mata. Takardar bayanan asusuna na nan, zubinta uku na nan a ciki, ga saƙon muryarta a WhatsApp tana cewa "ku yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata." Ya ce kada in goge, kada in sayar da wayar, wanda ya nemi a ɗaga masa ƙafa ai ya amsa bashin. Ya kuma gargaɗe ni cewa hukunci daban, kuɗi a hannu daban. Alƙali na iya yanke mata biya kaɗan-kaɗan, in ta ƙi sai mun koma mun nemi a taɓa asusunta ko a yi gwanjon kayanta, in kuwa ba ta da komai sai jira.

To don Allah me zai hana a faɗa mini wannan a caji ofis? Jimla ɗaya ce: Hajiya, nan ba wurinsa ba ne, je ki kotu kaza. Shekara nawa kotun nan tana nan, ban taɓa jin an yi shelarta a inda talaka zai ji ba, amma lokacin zaɓe har cikin ɗakunanmu ake biyo mu da atamfa da taliya. Rabin matan unguwarmu da adashi suka sayi keken ɗinki, suka yi wa 'ya'ya kayan ɗaki, suka biya kuɗin makaranta. Wane banki ne zai ba mai ƙosai rancen dubu 500 ba tare da takardar fili ba? Gwamnati ta bar mu mun zama bankin kanmu, in an cuce mu kuma a ce wa ya aike mu.

Mu ma da namu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma ranar da na ce kowa ta sa hannu ta kawo mai tsaya mata, cewa aka yi ina zargin ƙawaye. Yanzu waɗancan bakunan ne ke cewa in bar wa Allah, kotu tonon silili ce, a duba zumunci. Ita da ta ci dubu 350 ta sa sabon leshi ta je biki, wa ya ce mata ta duba zumunci? Wannan ne karo na uku da ake yi mini haka a shekara tara, sau biyu na haƙura.

An kai mata takardar jiya, ƙanwarta ta karɓa a gaban mai unguwa. Saura kwana 13.