Kilo 50 da ya faɗo ba kilo 50 ba ne

"Malam, sandar da muka sayo a Katako ta daɗe tana riƙe dunƙulen ƙarfe mai kilo 50 ba matsala, jiya ya kuɓuce mana daga santimita 10 kacal sai ga sanda ta miƙe. Ai nauyin ɗaya ne, ko jabu aka sayar mana?"

A'a ɗan'uwa, kar ka zargi ƙarfen tukuna. Abin da ya faɗo da gudu yake zuwa, kuma dole sanda ta tsayar da shi cikin ɗan miƙewar da take iya yi, ita kuwa miƙewar ƙarfe ƙarama ce sosai.

Mu ɗauka sanda mai mita 2 a rataye, faɗin yankanta 100 mm², kilo 50 kuma wajen 500 N ne. In ka ɗora a hankali za ta miƙe milimita 0.05, damuwar cikinta, wato ƙarfin da ke jan kowane mm² nata, 5 MPa. In ya faɗo sai ka ninka damuwar da wannan n ɗin:

```
n = 1 + √(1 + 2h/δ)
```

h tsayin faɗuwa, δ waccan miƙewar. Saka h milimita 100, wato santimita 10 ɗin nan, da δ 0.05, n ya fito wajen 64, kenan 320 MPa, alhali ƙarfen gama-gari tun wajen 250 yake miƙewa ya ƙi komawa, daga nan ma lissafin ya daina aiki. In ka auna ka ga ta ƙara tsawo, to ta wuce iyaka, don Allah canza ta.

Ko h sifili ne, muddin sakin lokaci guda aka yi, n 2 ne. Sanda mai tsawo ko roba a wurin da zai buga suna ƙara δ, sai n ya sauka.