"Bari mu ga yadda za ta kaya": tsoro ne ko taka-tsantsan?

Wata takwas ƙanwata ta yi da wani. Kullum suna waya, ya san damuwarta, ta san tasa, in ya ga wani yana mata magana fuskarsa ta canja. Amma ranar da suka haɗu da abokansa a hanya, cewa ya yi: "Ga wata ƙawata." Da ta tambaye shi matsayinta, sai ya ce su bari su ga yadda za ta kaya. Da dare ta kira ni: "Yaya, tsoro yake ji ko kuwa natsuwa ce?"

Na ce mata ni ban shiga zuciyarsa ba, ita ma ba za ta shiga ba. Amma akwai tambaya ɗaya da ke rarrabe su biyun, kuma ba ita ce "mene ne matsayina?" ba. Tambayar ita ce: me kake jira ka sani, kuma zuwa yaushe?

Mai taka-tsantsan yana da amsa, domin akwai takamaiman abin da yake dubawa. Zai ce bai daɗe da rabuwa da wata ba, ko bai san garin da aiki zai kai shi nan da wata uku ba, ko yana son ganin yadda kuke warware saɓani. Abu ne mai suna, mai ƙarshe. Kuma yayin da yake jinkirin, ba ya neman haƙƙin da bai ɗauki nauyinsa ba: ba zai hana ki sauraron wani alhali shi bai ce ke ce tasa ba. Irin wannan ina girmama shi ƙwarai. Wanda maciji ya taɓa sara, ba a ganin laifinsa in ya tsorata da tsumma.

Mai tsoro kuwa sharaɗinsa tafiya yake yi. Na ƙanwata da farko ya ce sai ya gama jarrabawa. Ya gama a wata na huɗu. Sai ya koma batun aiki. Ya samu a wata na bakwai. Sai kuma ya ce ai suna ba shi ne soyayya ba. Dalili uku a jere, kowanne ya kau, matsayi bai motsa ba. Ga wata alama da ta fi ba ni tabbaci: duk lokacin da suka yi wata doguwar hira ta kusanci, washegari sai ya yi sanyi, kwana biyu ko uku saƙo ɗaya tak. Mai taka-tsantsan kusanci yana ƙara masa natsuwa, shi kuwa wannan kusancin ne ke korarsa.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan. A 1987 Cindy Hazan da Phillip Shaver suka wallafa sakamakon tambayoyin da suka buga a wata jarida a Amurka kan yadda manya ke shaƙuwa a soyayya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na masu amsawa suka bayyana kansu a matsayin waɗanda kusanci ke takura wa, dogaro da wani kuma yake musu wuya. Mutane ne da yawa, kuma ba mugaye ba ne. Da yawansu suna so da gaske, shi ya sa rabuwa da su ke da ciwo.

Sai dai ina ƙin yadda muke saurin yi wa kowa uzuri da tsoro. Wani ba tsoron komai yake ba, zaman haka ne ya yi masa daɗi. Tun 1938 Willard Waller ya faɗi cewa wanda ya fi ƙarancin damuwa da ɗorewar alaƙa shi ke riƙe da linzaminta. Rashin suna yana ba shi kulawa da lokaci da amana, ranar da ya so tafiya kuma ya ce ai dama bai yi alkawari ba. Mata ma suna yi wa maza haka, na gani da idona.

Ƙanwata ta yi masa tambayar, sau ɗaya, ido da ido, ba a tsakiyar faɗa ba. Ta kuma sa wa kanta wa'adin sati shida ba tare da ta mayar da shi barazana ba. Amsarsa ita ce tana matsa masa. Washegari ya yi shiru, bayan kwana biyar ya dawo da zaƙin baki, bai taɓo maganar ba. Sau biyu haka ta faru kafin wa'adin ya cika. Na yi imani tsoro ne, kuma na tausaya masa. Amma da ta ce min za ta ƙara masa wata shida ko zai warke, na ce mata warkewar aikinsa ce, kuma har yau bai ma yarda akwai ciwon ba. A sati na shida ta faɗa masa ta haƙura, ta yi kukanta, ta daina ɗaga wayarsa.