Waya ɗaya ta taɓa ƙasa: wani layin ya yanke nan take, wani ya ci gaba da aiki

Layin raba wutar da na fara aiki a kansa, da wanda nake aiki a kansa yanzu a Jamus, duka fes uku ne, duka suna juyawa sau 50 a daƙiƙa. Amma idan reshen bishiya ya haɗa waya ɗaya da ƙasa, halinsu ya rabu. Na farkon sai dubban amfiya su kwarara, bireka ta buɗe kafin ƙiftawar ido. Na biyun kuwa ƙararrawa ce kawai za ta kaɗa a ɗakin kula, wuta tana nan, ma'aikata su fita neman inda folt ɗin, wato wurin da wayar ta taɓa ƙasa, yake. Ra'ayina shi ne duk wanda ya karanta dabarar rarraba fes uku zuwa jeri uku madaidaita, amma bai iya faɗin dalilin wannan bambanci ba, to ya haddace lissafi ne kawai. Dalilin yana zaune a wuri ɗaya, wato jerin sifiri, kuma shi ne ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a duk wuraren biyu.

Charles Fortescue ne ya fito da dabarar a 1918. Abin da ya nuna shi ne, karent uku ko boltej uku, komai rashin daidaitonsu, ana iya rubuta su a matsayin jimillar rukuni uku masu daidaito. Na farko jerin gaba, mai tafiya A, B, C da tazarar digiri 120, wanda shi janareto ke haifarwa. Na biyu jerin baya, mai irin wannan tazara amma yana tafiya A, C, B. Na uku jerin sifiri, inda ukun girmansu ɗaya, kuma suna tashi suna sauka tare babu tazara. Kowane jeri yana ganin tasa turjiyar a cikin layin, ana kiransu Z1, Z2 da Z0.

Idan fes A kaɗai ya taɓa ƙasa, B da C ba sa kai komai cikin folt ɗin. Wannan sharaɗi kaɗai ya tilasta karent ɗin jeri ukun su zama daidai, kowanne kashi ɗaya bisa uku na abin da ke bin A. Abin da ke ɗaukar karent iri ɗaya kuwa a jere yake, don haka turjiyar ukun tarawa ake yi:

```
Ia = 3E / (Z1 + Z2 + Z0 + 3Zn)
```

E boltej ne tsakanin fes da ƙasa, Zn kuma duk abin da aka sa tsakanin nutural ɗin taransfoma da ƙasa. An ninka shi sau uku ne saboda karent ɗin sifiri na fes ukun duka a nutural suke haɗuwa su bi hanya ɗaya.

Mu ɗauki taransfoma mai saukewa daga kilobolt 33 zuwa 11, mai MVA 15, turjiyarta kashi 10 cikin ɗari, gefen sama delta, wato naɗinta uku a haɗe cikin zobe babu nutural, gefen ƙasa tauraro, wato naɗin ukun sun haɗu a nutural, an kuma ɗaure nutural ɗin kai tsaye da ƙasa. A gefen kilobolt 11, wannan kashi 10 ya zama om 0.81. A ce tushen wutar da ke bayanta ya ƙara om 0.24. Ke nan Z1 om 1.05 ce, Z2 ma haka, tunda waya da taransfoma ba ruwansu da ko jeri gaba yake tafiya ko baya. E kuma bolt 6,350 ne. Idan fes ukun suka haɗu a bakin tashar, 6,350 a raba da 1.05, kusan amfiya 6,050.

Yawancin mutane suna ɗauka wannan ne mafi muni, ai waya uku sun fi ɗaya. To a duba Z0. Karent ɗin sifiri da ya shiga delta zagayawa yake yi a cikinta, ba ya fita ya bi layin kilobolt 33, domin babu waya ta huɗu da zai dawo ta kanta. Saboda haka om 0.24 ta tushen wuta ba ta cikin lissafin sifiri, abin da ya rage kusan 0.81 ne na taransfoma. Jimilla 2.91, kuma 3E, wato 19,050, a raba da 2.91 ya ba da kusan amfiya 6,550. Folt ɗin waya ɗaya ya fi na waya uku da wajen amfiya 500. Wanda ya zaɓi bireka da lissafin fes uku kaɗai, yana iya sayen wadda ba ta kai ba.

A matsa kilomita 5 a kan layin sama, sai labari ya juya. A ce Z1 ta layin om 0.4 ce a kilomita, Z0 kuma ninkinta uku, tunda hanyar dawowarta ta cikin ƙasa ce. Na ɗauki duka a matsayin turjiyar maganaɗisu zalla don lissafin ya yi sauƙi. Z1 ta zama 3.05, Z0 ta zama 6.81. Folt na fes uku ya sauka zuwa kusan amfiya 2,080, na waya ɗaya kuma zuwa 1,480. Layi ɗaya, taransfoma ɗaya, amma wanda ya fi girma ya danganta da inda folt ya faɗa.

Akwai kuma abin da ke ruɗa masu karanta rikodin rile, wato na'urar da ke gano folt ta sa bireka ta buɗe. Wancan folt na amfiya 6,550, idan aka leƙe shi daga gefen kilobolt 33, ba a ganin karent ɗin sifiri ko kaɗan. Abin da ake gani kusan amfiya 1,260 ne a waya biyu, ta ukun shiru, tamkar fes biyu ne suka haɗu. Rilen folt na ƙasa da ke sama ba zai motsa ba, kuma ba lalacewa ya yi ba, delta ce ta tare masa gani. Na sha ganin an ɗora wa rile laifi a kan wannan.

Yanzu a taɓa Zn kaɗai, a bar komai yadda yake. Idan aka sa razista mai om 6.35 a nutural, a lissafi ta zama 19.05, ta danne sauran ukun, folt na bakin tasha ya faɗo daga 6,550 zuwa ɗan ƙasa da amfiya 1,000. Folt na fes uku bai canja da ko amfiya ɗaya ba, domin Zn ba ta cikin jerin gaba. Har yanzu karent ɗin ya isa rile ya gani ya yanke, sai dai ɓarnar wurin folt ta ragu ƙwarai.

A nan inda nake, layuka da yawa na matsakaicin boltej sun bi wata hanya dabam, wadda Waldemar Petersen ya kawo wajajen 1917. Kowace waya tana da kafasitans tsakaninta da ƙasa, kuma ko nutural bai taɓa ƙasa ba, wannan kafasitans yana ba karent ɗin sifiri hanya. A ce a layinmu na kilobolt 11 wannan ya kai amfiya 100, wato Z0 kusan om 190. Sai a sa koyil mai om 63.5 a nutural. Ninkinta uku 190 ne, kuma a zanen jerin sifiri tana zaune kafaɗa da kafaɗa da kafasitans ɗin. Karent ɗin koyil yana bin boltej a baya, na kafasitans yana gabansa, sai su kashe juna. Z0 ta yi tashin gwauron zabi, abin da ke bin folt ɗin ya koma 'yan amfiya, har tartsatsin yakan mutu da kansa.

Amma ba kyauta aka samu ba. Tunda Z0 ta fi Z1 da Z2 nesa ba kusa ba, kusan duk boltej ɗin a kanta yake sauka. Fes A ya koma kusan sifiri, B da C kuma su tashi daga 6,350 zuwa 11,000 tsakaninsu da ƙasa, su zauna haka muddin ba a gano folt ba. Masu amfani da wutar ba sa jin komai, domin tsakanin fes da fes bai canja ba. Insuleta mai rauni ko tsohon haɗin kebul a wani layin dabam shi ke ji a jikinsa, kuma idan ya fashe an sami folt biyu a wurare biyu, wanda koyil ba ta da maganinsa. Gano layin da ya lalace ma aiki ne, don ba a dogara da girman karent. Boltej ɗin sifiri ke cewa akwai folt, ɗan guntun karent ɗin da ke tafiya tare da wannan boltej kuma shi ke nuna wane layi ne. Ga kuma waya da ta faɗi ƙasa tana nan da wuta.

A ganina koyil ta dace da dogayen layukan sama, inda yawancin folt na wucin gadi ne, kuma inda akwai ma'aikata da kayan da za su gano shi cikin lokaci. Inda kebul na ƙarƙashin ƙasa ya yi yawa, folt ba ya warkewa da kansa, kafasitans yana ƙaruwa da kowane sabon kebul, koyil na neman sabon saiti, to na fi yarda da razista da yankewa nan take. Ban goyi bayan masu cewa a kwafo tsarin wata ƙasa don kawai wutarta ba ta ɗaukewa ba.

Kowane ɓangare da nasa sakacin. Inda na fara, muna zana jerin da hannu, mun san abin da delta ke yi, amma Z0 ta layi sau da yawa ƙiyasi ce, a ninka Z1 sau uku a wuce, alhali ta dogara da irin ƙasar wurin, da ko akwai wayar kariya a saman turaku, da yadda aka ɗaure rigar kebul. A nan bayanan suna nan a aune, manhaja tana fitar da amsa, sai dai na ga matasan injiniyoyi da ba za su lura ba idan an shigar da taransfoma a matsayin tauraro da tauraro maimakon delta da tauraro. Kuskure ne na dannawa ɗaya, kuma folt na fes uku zai fito daidai, na ƙasa ne kaɗai zai karkace.

Ita ma dabarar tana da iyaka. Jeri ukun suna rabuwa tsaf ne kawai idan layin kansa daidai yake a fes ukun kafin folt. Inda ake jan reshe mai fes ɗaya daga layin, kamar yadda aka saba a Arewacin Amurka, jerin suna cuɗanya, gara a yi lissafi fes bayan fes. Haka inbata ta hasken rana ba ta da tsayayyiyar Z2 kamar taransfoma, tsarin sarrafa ta ne ke yanke yawan karent ɗin jerin baya da za ta bayar, kuma jimillar abin da take bayarwa ba ya wuce ƙa'idarta da yawa. Layin da irinsu suka yi yawa a kansa, sai an nemi bayanin halinsu daga wanda ya ƙera su kafin a saita rilen da ke dogara da jerin baya.