Take ne ke kai bidiyo gaban mai nema, ba tarin hashtag ba

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau sai na amayar da shi. Mutum zai ɓata yini guda yana ɗaukar bidiyo, ya gyara sauti, ya yanke nan ya haɗa can, amma da an zo wajen rubuta take sai ya yi shi cikin daƙiƙa biyar: "Sabon bidiyo ya fito, ku kalla ku tura wa wasu." Sai ya bi shi da hashtag kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Bayan sati ya dawo yana cewa manhaja ta danne shi, ko kuma an sa masa hannu. Ba wanda ya danne ka, malam. Kai ne ba ka gaya wa kowa abin da ke cikin bidiyon ba.

A kan ƙanwata na ga wannan da idona. Tela ce, kuma ta iya koyarwa, irin mutanen nan da in sun yi maka bayani sau ɗaya ya zauna. Ta ɗora bidiyo na minti 7 a YouTube a kan abin da ke sa keken ɗinki tsinka zaren sama. Ta nuna yadda allurar da ta lanƙwashe ko ta dakushe ke yanke zare, ta nuna allurar da aka saka a juye, ta nuna yadda ake zura zaren daidai, ta nuna yadda ake sassauta wurin da ke matse zaren idan ya yi tsauri. Aiki mai kyau. Taken da ta sa masa kuwa shi ne "Darasi na 4, kar ku bari ya wuce ku". Akwatin bayani babu komai a ciki sai gaisuwa da roƙon a bi tasharta, sai #viral da #trending da 'yan uwansu.

Na ce mata, "Ƙanwata, a ce ke ce kekenki ya ishe ki da tsinka zare cikin dare, ga ɗinkin mutane a gabanki. Kin ɗauki waya. Me za ki rubuta a akwatin bincike?"

Ta ce, "Yaya, ai sai in rubuta keken ɗinki yana tsinka zare."

Na ce, "To, a cikin kalmomin nan biyar, wacce ce a takenki?"

Ta duba, ta yi shiru, sai ta kwashe da dariya. Babu ko ɗaya.

Abin da mutane ke haɗawa su rikice shi ne, hanya biyu ce bidiyo ke isa ga mai kallo. Akwai wadda manhaja ke kawo maka abu kana zaune ba ka tambaya ba, bisa abin da ka saba kallo. Akwai kuma bincike, inda mutum da kansa ya rubuta abin da yake so. A ta biyun nan, YouTube da bakinta ta ce abu uku take dubawa: dacewar bidiyon da abin da aka rubuta, yadda mutane ke mu'amala da shi, da ingancinsa. Wajen auna dacewa kuwa, tana kwatanta kalmomin mai nema da take, da bayani, da abin da ke cikin bidiyon. Idan kalmomin ba su haɗu a ko'ina ba, bidiyonka bai ma shiga layi ba, balle a yi maganar ya zo na farko ko na goma.

Ga yadda muka gyara nata. Ba mu zauna muna ƙirƙirar take daga kanmu ba. Mun buɗe akwatin bincike muka fara rubuta "keken ɗinki" muka tsaya, muka ga jimlolin da manhajar ke ƙarasawa da kanta. Waɗannan jimloli daga abin da mutane ke nema suke fitowa, don haka sun fi hasashenka. Sannan muka sa take kamar haka: "Keken ɗinki yana tsinka zare? Dalilai 3 da yadda ake gyarawa". YouTube na ba da damar haruffa 100 a take, amma a fuskar waya ana yanke dogon take, ƙarshensa ya ɓace. Shi ya sa matsalar ta zo a farko. "Darasi na 4" da sunan tasha, in ma dole ne, su koma can baya. Wanda bai san ki ba, ina ruwansa da ko darasi na nawa ne?

Nan ne muka ci karo da wata matsala da masu rubutu da Hausa kaɗai za su gane zafinta. Ɗinki da ɗ mai lanƙwasa ake rubuta shi, amma mutane da yawa ba su da wannan harafi a allon wayarsu, ko suna da shi suna ƙyuyar nemo shi. Wani zai rubuta dinki, wani d'inki. A wajen na'ura kuwa d da ɗ haruffa biyu ne daban. Kowa na iya gwadawa: rubuta kalmar ta hanyoyin nan biyu, ka kwatanta abin da ya fito. Ni dai ba na son a lalata rubutun Hausa don neman masu kallo, don haka a take muka bar shi daidai yadda ƙa'ida ta ce. Sauran rubuce-rubucen muka kai su akwatin `Tags`, wanda ke ɗaukar haruffa 500 kuma mai kallo ba ya ganinsa a fuskar bidiyo. Abin dariyar shi ne, wannan akwati da wasu ke ɗauka a matsayin laya, YouTube ta faɗa ƙarara cewa rawar da yake takawa kaɗan ce, sai dai idan kalmar da ake nema irin wadda ake yawan kuskuren rubutawa ce. To mu ga namu amfanin ya samu.

Sai bayani. Haruffa 5,000 aka ba ka, kuma ba a ce sai ka cika ba. Layi biyu ko uku na farko su ne masu nauyi, domin su ake gani kafin mutum ya danna ya buɗe sauran. Mun cire gaisuwar daga sama, ba don gaisuwa laifi ce ba, sai don ta tare wurin da ya fi tsada. Muka rubuta da magana irin ta mutane: idan kekenki na yawan yanke zaren sama ko zare na katsewa kina tsakiyar ɗinki, wannan bidiyo ya nuna yadda za ki duba allura, da yadda aka zura zaren, da yadda za ki sassauta shi. Ku lura, take ya ce "tsinka", bayani ya kawo "yanke" da "katsewa". Da gangan ne. Matsala ɗaya ce, amma ba kowa ke kiranta da suna ɗaya ba, kuma bayani ne wurin da za ka tari waɗanda take bai ɗauka ba. Daga ƙasa muka raba bidiyon kashi-kashi:

```
00:00 Matsalar
01:10 Allura
03:25 Zura zare
05:00 Sassauta zaren sama
```

Sharaɗin wannan shi ne a fara da `00:00`, a sa aƙalla guda uku, kowane kashi kuma kada ya gaza daƙiƙa 10. Wadda allura ce kawai damuwarta, sai ta tsallaka kai tsaye.

Yanzu hashtag, inda na san za a yi mini ca. Ra'ayina shi ne an ba shi girman da bai kai ba. Hashtag alama ce ta rukuni: ka danna shi, ya kai ka inda aka tara bidiyoyin da suka sa irinsa. Shi ke nan. Idan ka sa #viral, ka jefa bidiyon gyaran keke cikin kasuwar da kowa da kowa ya shigo da hajarsa, mai rawa da mai ƙwallo da mai barkwanci, kuma bai gaya wa na'ura komai a kan zare ko allura ba. Ban taɓa ganin wanda kekensa ya lalace ya je yana neman #viral ba. A YouTube ma, guda uku kawai ake ɗagowa kusa da take, kuma idan ka haura 60 a bidiyo ɗaya, sai a yi watsi da su gaba ɗaya. Hashtag da ba shi da alaƙa da bidiyon kuwa, ko cusa tarin kalmomi marasa ma'ana a cikin bayani, ya saɓa wa dokokinsu, har yana iya sa a cire bidiyon. Mu uku muka bari: #kekendinki, #dinki, #tela. Ba a sa tazara a cikin hashtag, in ka sa, kalmar farko kaɗai za ta zama shi.

Amma kada wani ya ce na yi masa alƙawarin abin da ban yi ba. Take mai kyau yana shigar da kai layi ne kawai. Idan mutane suka danna, suka ga minti biyu na farko duk surutu ne, suka fice, to manhajar na gani, kuma za ta fifita wanda ake tsayawa a kalla. Take na ƙarya ya fi wannan muni, domin ramin ƙarya ƙurarre ne: zai jawo dannawa, ya jawo ficewa nan take. Sannan ba kowane bidiyo ne na bincike ba. Mai barkwanci ko mai nuna yadda ya wuni, da wuya a same shi ta nan, don ba wanda ke rubuta sunan abin da bai san da shi ba. Bincike na masu amsa tambaya ne.

Yadda za ka gane inda ciwon yake ba wuya. Shiga YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke kula da bidiyoyinsa, a kwamfuta, buɗe bidiyon, je `Analytics`, sannan `Reach`. A nan za ka ga `Impressions`, wato sau nawa aka nuna wa mutane hoton bidiyon, da kason waɗanda suka danna, da inda masu kallo suka fito. A ƙarƙashin `YouTube search` har kalmomin da aka rubuta aka same ka za ka gani. Idan bincike ba ya kawo kowa, ko dai kalmominka ba su ne na masu nema ba, ko ba a neman abin, ko wasu sun riga sun cika wurin. Idan ana nunawa ba a dannawa, ka tuhumi take da hoton da ke fuskar bidiyon. YouTube ta ce rabin tashoshi da bidiyoyi, kason dannawarsu tsakanin 2 ne zuwa 10 cikin ɗari, don haka wanda ya ga 5 kada ya ɗora hannu a ka. Idan kuma ana dannawa ana gudu, take ya yi nasa, saura bidiyon.

Na ƙanwata bai fashe ba, kuma dama ban ce mata zai fashe ba. Abin da ya canja shi ne, bayan 'yan makonni bincike ya fara bayyana cikin hanyoyin da ake zuwa mata, kaɗan-kaɗan amma kullum, alhali da can mabiyanta ne kawai ke kallo rana ɗaya su wuce. A jerin kalmomin kuma muka ga wata jimla tana maimaituwa wadda bidiyon bai amsa ba: keke yana tsallake ɗinki. Ta kira ni ta ce, "Yaya, wannan ai wata matsalar ce daban." Ranar Asabar za ta ɗauki bidiyonsa, kuma a karon nan ta rubuta taken tun kafin ta kunna kyamara.